An turo dolar 500 daga Amurka, a gishe aka ba ni jika 286: ina sauran suka shiga?

Hadiza Bukoki: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai warware mini wani lissafi. Yayana da ke Niyok ya kira ranar Litinin ya ce ya turo dolar 500, kuɗin makarantar yara da maganin Inna. Ranar Laraba kafin in fita na duba a waya, dolar ɗaya sefa 600, na lissafa jika 300 cif. Da na je gishe na ba da lamba da katina, sai aka ƙirgo mini jika 286. Jika 14 ba ƙaramin kuɗi ba ne a gidanmu. Inna ta fara zargin mai gishe, ni kuma ba na son in ɗauki alhakin mutum ban tabbatar ba.

Abdu Tawa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, koma wurin yanzu-yanzu. Sefa ba ta hawa ba ta sauka, a ɗaure take. In an ce maki canji ne ya ci kuɗɗin, ba gaskiya ba ne. Hannu anka sa.

Malam Isufu: Abdu, a yi haƙuri kafin a kama sunan mutum. Rabin maganarka daidai ne: sefa a ɗaure take, amma da yuro aka ɗaure ta, ba da dolar ba. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai motsa ba. Dolar kuwa kullum tana hawa tana sauka a gaban yuro, don haka haka take yi a gaban sefa. Ranar da yuro ɗaya ya kama dolar 1.09 da 'yan kai, in ka raba 655.957 da wannan za ka samu wajen 600. In yuro ya ƙara ƙarfi gobe, dolar ta faɗi a wurinmu, ko da babu abin da ya faru a Yamai.

Hadiza, takarda biyu ce a wannan harka. Akwai resin da aka ba ki a gishe kika sa hannu, akwai kuma wanda aka ba yayanki lokacin da ya biya. Nasa ne ke da cikakken labari. Ki ce ya ɗauki hotonsa ya turo miki, ki kwafo mana layukan kuɗin kawai. Kada ki sa suna, kada ki sa lambar karɓa.

Hadiza Bukoki: To Malam. Ga abin da ke jikin nasa:

```
Transfer Amount:     492.00 USD
Transfer Fees:         8.00 USD
Total:               500.00 USD
Exchange Rate:  1 USD = 582.00 XOF
Total to Recipient: 286,344 XOF
```

A nawa resin kuma, wurin `Montant payé` an rubuta 286 344.

Malam Isufu: Madalla. Yanzu komai ya fito fili, kuma jika 14 ɗin ba wuri ɗaya suka tafi ba, wuri uku ne.

Na farko, yayanki bai yi ƙarya ba, dolar 500 ya fitar daga aljihunsa. Amma ba 500 ba ce ta kamo hanya. Kamfanin ya cire ladansa, dolar 8, daga cikin 500 ɗin, saura 492 ita aka canza. Nan ne gardama ta fi tashi tsakanin 'yan uwa: mai aikawa yana faɗin layin `Total`, wato abin da ya biya, mai karɓa kuma yana ɗauka shi ne abin da aka aiko. Da ya ce wa mai kantin "ina so 500 ta isa", da 508 zai biya. Dolar 8 a farashin da kika gani a waya sefa 4,800 ce. Wannan shi ne kaso na farko.

Na biyu shi ya fi girma, kuma shi ne ba a rubuta sunansa a takarda. Farashin 600 da kika gani a waya shi ne tsakiyar farashin da manyan bankuna ke saye da sayarwa a junansu. Ba a sayar wa mutum ɗaya da wannan farashin a kanti. Kamfanin ya ba yayanki 582, wato ya riƙe sefa 18 a kan kowace dolar. Ki ninka 18 sau 492, zai ba ki 8,856. Kin ga ya kusa ninka ladan da aka rubuta ƙarara. Ki haɗa 4,800 da 8,856, sun zama 13,656. Ki cire daga 300,000, saura 286,344, daidai abin da ke jikin resin ba ragi ba ƙari.

Na uku ƙarami ne, amma shi kaɗai ne haƙƙinki da bai shigo hannunki ba. Kin sa hannu a kan 286,344, an ba ki 286,000. Sefa 344 sun maƙale a gishe.

Hadiza Bukoki: Yanzu na tuna, ya ce mini babu canji, ni kuma hankalina na kan jika 14 ɗin, ban ma kula ba.

Malam Isufu: Shi ke nan. Ƙarancin tsaba gaskiya ne a garin nan, kowa ya sani, kuma sefa 4 ta ƙarshe babu mai iya ba ki ita a hannu. Amma 300 ko 325 ana iya haɗawa. Hanya mai sauƙi ita ce ki riƙa tafiya da 'yan tsaba: da kin miƙa masa 700, ya ba ki jika 287, an rabu da bambancin da bai kai dala goma ba. Kuma a ƙirga kuɗi kafin a sa hannu, don da zarar kin sa hannu, takarda ta ce kin karɓi duka.

Alhaji Garba Ƙonni: Ni ban gane wannan lissahi ba. Dala ɗari biyar ai jika biyu da rabi ce. Ta yaya anka ba ta jika 286 kuma tana kuka?

Hajiya Mariyama: Baba Alhaji, ba dalarmu ta kasuwa ba ce mai tamma biyar. Kuɗin Amurka ake nufi, shi ya sa muke rubuta dolar don kada a haɗa su. Guda ɗaya ta kusa dala ɗari da ashirin tamu.

Alhaji Garba Ƙonni: To, yanzu na gane, ɗiyata. Amma mu nan iyaka ba mu san wannan wahala ba. Yaro na Kano ko Legas ya zuba naira ga asusun ɗan canji, a kira waya, ka tahi rumfa ka amshi sefa. Babu hirai, babu takarda.

Malam Isufu: Alhaji, ladan yana nan, a cikin farashi aka dafa shi. Ɗan canji yana da farashi biyu na jika guda: wanda yake sayen naira da shi da wanda yake sayarwa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce cinsa, irin sefa 18 ɗin nan ta Hadiza. Ka tambaye shi farashin biyu a lokaci ɗaya, za ka ga nawa ne. Ban ce hanyar ba ta aiki ba, amana ce ke riƙe da ita, amma ranar da aka samu saɓani babu layin da za a nuna wa kowa.

Abdu Tawa: Malam, na yarda da batun dolar. Amma ni har yanzu ina ganin zalunci ne. Mi ya sa ba su rubuta 8,856 ɗin nan a hili kamar yadda sunka rubuta dolar 8? Mutum ya ga 8 ya ɗauka shi ke nan.

Malam Isufu: A nan ina bayanka. Dokar Amurka ta tilasta wa kamfanin ya nuna lada, da farashin canjin da ya yi amfani da shi, da abin da mai karɓa zai samu, tun kafin a biya. Ba ta ce ya rubuta tazarar da ke tsakanin farashinsa da na kasuwa ba. Sai mutum ya lissafa da kansa. Shi ya sa tallar "aika kyauta, babu lada" ke kama mutane.

Bari mu gwada da kuɗin yayan Hadiza. A ce wani kamfani ba ya karɓar lada ko kaɗan, amma farashinsa 570. Dolar 500 sau 570, sefa 285,000. Wanda ya karɓi dolar 8 ya ba da 286,344. Mai "kyauta" ya fi tsada da 1,344. In kuɗin dolar 1,000 ne kuma ladan bai canza ba, mai lada zai ba da 992 sau 582, wato 577,344, mai kyauta kuma 570,000. Tazara ta haura jika 7. Amma in dolar 100 ce kawai, abin ya juya: 92 sau 582 ya ba da 53,544, mai kyauta ya ba da 57,000. A wannan misalin, ƙasa da dolar 388 mai kyauta ya fi, sama da haka mai lada ya fi. Dalili shi ne lada tsayayye yana yi wa ƙaramin kuɗi nauyi, cin da ke cikin farashi kuma yana girma tare da kuɗin.

Don haka tambaya ɗaya ce mai aikawa zai yi wa kowane kamfani: in na ba ka 500 duka-duka, sefa nawa za a miƙa a Yamai? Ya kwatanta wannan adadin kawai.

Hadiza Bukoki: Malam, wani abu ya tsaya mini. Ni ranar Laraba na ga 600, shi kuma Litinin ya aika. Wane farashi ya kamata a bi?

Malam Isufu: Tambaya mai kyau, kuma ta taɓa lissafina. Na yi amfani da 600 ne don shi kika kawo. In ranar Litinin kasuwa tana 594, to cin kamfanin sefa 12 ne a kan dolar, ba 18 ba, sauran 6 ɗin motsin kasuwa ne na kwana biyu, ba wanda ya sa su a aljihu. Don a san ainihin cinsu sai a nemo farashin ranar da aka biya. Abin da ke hannunki dai bai canza ba. A irin wannan resin an kulle farashi ne lokacin da aka biya, shi ya sa adadin sefa ya fito har da 344 ɗinsa. Ko kin yi mako ba ki karɓa ba, 286,344 ne. In dolar ta tashi ba za a ƙara miki ba, in ta faɗi ba za a rage ba. Abin dubawa shi ne kalmar `Estimated` kusa da farashin ko kusa da adadin. In tana nan, kiyasi ne, abin da zai iso yana iya bambanta. A naki babu ita, ko?

Hadiza Bukoki: Na sake dubawa, babu.

Zabairu Yantala: Salamu alaikum. Nawa ya fi na Hadiza ɗaure kai, don yuro ne, kuma kun ce yuro ba ya motsi. Abokin cinikina a Liyon ya biya ni yuro 1,000 ta banki. Ya kamata in ga 655,957. Abin da ya shiga asusuna 636,900. Shi ya rantse 1,000 cif aka cire masa, har ya turo takarda.

Hajiya Mariyama: Zabairu, naka ba matsalar canji ba ce, kuma hanyar daban take da ta gishe. Kamfanin aika kuɗi yana gaya wa mai aikawa adadin ƙarshe tun farko. Aikawa daga banki zuwa banki kuwa, sau da yawa bankinsa ba shi da hulɗa kai tsaye da naka, sai kuɗin su bi ta wani banki na tsakiya, wani lokaci biyu, kuma kowanne yana iya yankar ladansa daga cikin kuɗin suna wucewa. Wa zai ɗauki wannan nauyin, mai aikawa ne ke zaɓa lokacin cike takarda. Duba takardar da ya turo maka, za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi uku. `OUR` na nufin shi ya ɗauki duka. `SHA` na nufin ya biya bankinsa kawai, na hanya da na nan kai ne. `BEN` na nufin duka a cikin kuɗinka za a cire, har da ladan bankinsa. A sabon tsarin saƙonnin bankuna za ka iya ganin `DEBT`, `SHAR` da `CRED` a madadinsu, ma'anar ɗaya ce.

Zabairu Yantala: `SHA` na gani, Hajiya.

Hajiya Mariyama: To rantsuwarsa gaskiya ce, kai ma kukanka gaskiya ne. Ka ce ya karɓo maka kwafin saƙon daga bankinsa, in ya ce `MT103` za su gane. Kai ma ka nemi kwafin wanda ya iso bankinka. In kwafin na tsohon tsarin `MT103` ne, layin `33B` shi ne abin da aka ba da umarnin aikawa, layin `32A` kuma shi ne abin da aka miƙa wa banki na gaba. In wanda ya iso nan ya nuna 980, to yuro 20 sun tsaya a hanya, kuma 980 sau 655.957 ya ba da 642,838. Daga nan zuwa 636,900 saura 5,938, wannan a bankinka na nan zai kasance: kamashon karɓar kuɗi daga waje da harajin da ke hawa kansa. Ka nemi takardar da suke kira `avis de crédit`, a can ake rarraba su layi-layi, ka gwada da jadawalin kuɗaɗen aiki da bankin ya kafe. Yuro 20 ɗin misali na ba ka, takardar ce za ta faɗi ainihin adadin.

Gaba, tunda ciniki ne, ka rubuta a takardar neman biya cewa a aiko da `OUR`. Zai biya ƙari a can. Duk da haka ka tambayi bankinka ko suna cire nasu kamashon a kan irin wannan, don na nan ɗin ba kullum yake ɓacewa ba.

Abdu Tawa: Ke nan ko yuro ɗin ma ba a tsira ba. To ta gishe fa? Ƙanena na Italiya, can yake aikowa.

Hajiya Mariyama: Ta gishe yuro ya fi sauƙin bincike, don kana da ma'auni da ba ya motsi. Ka duba layin `Taux de change`, ko makamancinsa a harshen ƙasar. In ka ga 655,957 kada waƙafin ya ruɗe ka, a rubutun Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da gutsurensa, sefa 655 ne da 'yan kai. Yuro 500 a wannan farashin sefa 327,978 ne. In ka ga an rubuta 650, to an riƙe kusan sefa 6 a kan kowane yuro, wajen 2,978 a kan 500, kuma a nan babu mai cewa kasuwa ce ta motsa. Lada ne aka sa masa wata riga.

Rabi Tawa: Ku taimaka mini nima. Maigidana na Abijan, jika 50 yake turo mini ga waya duk wata, amma in na tahi amsa ba su cika 50. Ko canjin ne?

Malam Isufu: A'a Rabi, babu canji tsakaninmu da Kodebuwa. Sefa ɗaya ce, ta bankin BCEAO, ƙasashe takwas ke amfani da ita. Naki lada biyu ne: na aikawa, da na cirewa. Ki duba saƙon da ya shigo wayarki lokacin da kuɗin suka iso. In ya ce 50,000, to maigidanki ya biya na aikawa a kansa, ragin da kike gani na cirewa ne, kuma saƙo na biyu da ke zuwa bayan kin cire yana nuna shi a layin `Frais`. Abin da saƙon ya nuna shi ne ladan, an riga an cire shi daga asusunki. In mai rumfa ya sake neman wani abu a hannu bayan wannan, ba ya cikin lissafi. In kina son 50 ta cika, ya ɗora kuɗin cirewa a kai tun daga can.

Hadiza Bukoki: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Inna duka, ta sauke zargin jika 14 ɗin. Tambaya ta ƙarshe: da a ce gishe ya ba ni ƙasa da abin da ke jikin resin da yawa, wa zan kai wa kuka?

Malam Isufu: Kada ki sa hannu, wannan ne matakin farko. Ki ce a nuna miki adadin a allo. In an tsaya a kan ragin, yayanki ne ke da ƙarfin ƙara, don shi ne ya ƙulla ciniki da kamfanin. Lambar wayar ƙorafi tana jikin resinsa. A dokar Amurka yana da kwana 180 daga ranar da aka yi alkawarin kuɗin za su iso ya kai ƙorafi, kamfanin kuma yana da kwana 90 ya bincika. In shi ne ya ga kuskure bayan ya biya, misali ya ga farashin bai yi masa ba, yana da minti 30 ya soke a mayar masa da kuɗinsa har da lada, muddin ba a riga an karɓa ba. Ki ajiye naki resin, shi ne shaidar abin da aka ce an ba ki.

Hajiya Mariyama: Malam, ƙari ɗaya. A ƙasan wasu resi ana rubuta cewa mai karɓa zai iya samun ƙasa da adadin saboda ladan bankinsa ko harajin ƙasarsa. Wannan ya fi shafar kuɗin da aka zuba cikin asusu, amma yayanta ya karanta ƙananan rubutun kafin ya kira su.

Abdu Tawa: Ni dai 344 ɗin nan ba su kwanta mini ba. In mutum ɗari sunka zo a wuni, kowa ya bar ɗari uku, jika talatin ke nan. Hadiza ta koma ta amso abinta.

Malam Isufu: Haƙƙinta ne, ban musa ba. Amma ta riga ta sa hannu a kan cikakken adadi, kuma kuɗin taksi daga Bukoki zuwa can da dawowa sun fi 344. Ni da zan ba ta shawara, ta bari sai zuwa na gaba ta tuna masa.

Abdu Tawa: Ba zai tuna ba, Malam. Gobe ma wani ne za ta iske zaune a wurin.

Hadiza Bukoki: Jibi ina da hanya ta wajen, zan biya da resin in gani. Na kuma ce wa Yaya wata mai zuwa ya tambayi wuri biyu nawa 500 za ta zama a sefa kafin ya biya, ya turo mini adadin biyun.